Rauta da wutar Nefa: cuta uku, kowace da maganinta

Zancenmu na yau ya shafi duk wanda ya ajiye rauta a gida ko a shago, wato ɗan akwatin nan mai fitilu da ake saka wa layin waya ya riƙa raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci. A Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Kafur da Ɗandume, rauta ta shiga harkar neman abinci. Mai shagon kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da ita yake aiki, haka mai cire wa mutane kuɗi da na'ura, haka dillalin hatsi da ke aika hoton masara ko waken suya ga mai saye a Legas. Ƙorafin da ake yawan ji shi ne rauta ba ta daɗewa. Wani ya ce wuta ce ta ƙone masa ita, wani ya ce ta koma kashe kanta tana kunna kanta. Sai a garzaya kasuwa a sayo doguwar soket mai jar fitila, a ɗauka an gama, bayan wata biyu a sake yin asara.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, wutar da muke samu tana cutar da rauta ta hanyoyi uku daban-daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai ɗaukewar wuta. Akwai tsirin wuta na ƙiftawar ido. Akwai kuma wutar da ke zuwa da ƙarfin da ya wuce kima ta zauna a haka na daƙiƙoƙi ko mintoci. Ta ukun nan ita ce mai ƙona kaya da yawa a lokaci guda, ita ce kuma mutane suka fi jahilta.

Bari mu fara da abin da ke zuwa mana ta waya. Yankinmu yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kano, KEDCO, wanda ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa a shekarar 2013, ko da yake bakinmu bai daina cewa Nefa ba. A ƙa'ida wutar da ke shiga gida bolt 230 ce. Rauta kuwa ba ta shan wannan kai tsaye. Ɗan baƙin abin nan da ake sokawa a bango, adafta, shi ke rage ta zuwa bolt 12, wasu kuma bolt 9 ko 5. Ka juya adaftarka ka duba bayanta, za ka ga an rubuta 100-240V. Ma'anarsa tana jure wuta daga bolt 100 har zuwa 240. Wannan ya sa idan aka kawo wuta marar ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, rauta takan ci gaba da aiki. Ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Amma ta sama, tazarar da ke tsakanin 230 da 240 kaɗan ce, kuma ta nan ɓarnar ke shigowa.

Tsirin wuta shi ne ƙarfin wutar ya yi tsalle zuwa ɗaruruwa ko dubban bolt cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ya koma daidai. Ido ba ya ganinsa. Yana faruwa lokacin da aka maido da wuta bayan an ɗauke, da lokacin da babban inji da ke kan taransifoma ɗaya da kai ya tsaya ko ya tashi. A garuruwanmu kuwa injinan niƙa da na casa da masu walda suna cikin unguwa, musamman da kaka idan amfanin gona ya shigo. Yana kuma faruwa idan tsawa ta faɗa kusa da layin wuta, abin da muke gani sosai a farkon damina, wajen Mayu da Yuni, lokacin hadari mai iska.

Maganin tsiri shi ne soket mai kariya. A cikinta akwai wani ɗan faifai, yawanci shuɗi, kamar girman kwabo. Muddin wuta tana daidai, faifan nan ba ya komai. Da zarar ƙarfinta ya yi tsalle sai ya buɗe hanya ya karkatar da rarar kafin ta isa adafta. Kamar 'yar magudanar da manomi ke yi a gefen gona ce: tana kwashe ruwan da ya zubo farat ɗaya, amma idan rafi ne ya yi ambaliya ya zauna, ita ma tafiya za ta yi. Wannan faifai yana cin jiki duk lokacin da ya sha tsiri, har wata rana ya mutu, soket ɗin kuma ta ci gaba da ba da wuta kamar babu abin da ya faru. Shi ya sa masu kyau suke da fitila ta biyu, dabam da ta makunni, wadda ke nuna kariyar tana raye. Idan wannan fitilar ta mutu, abin da ke hannunka soket ce kawai. Kuma gaskiyar magana, da yawa daga cikin masu arahar nan ba su da faifan tun asali, jar fitilar da makunni ne kaɗai a ciki. Ka duba kwalin ka ga ko an rubuta adadin jul, wato yawan tsirin da za ta iya sha. Wadda ba a rubuta mata komai ba, kada ka dogara da ita. Idan kana da mai gyaran rediyo da ka yarda da shi, ya kwance bayanta ya duba maka, aikin minti biyu ne.

Akwai kuma batun wayar ƙasa. Soket ɗin bango rami uku ne da ita, na saman nan shi ne na wayar da ya kamata ta tafi ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Gidaje da shaguna da yawa an ja musu waya biyu ne kawai, ramin na uku babu komai a bayansa. A irin wannan wurin soket mai kariya tana yin wani ɓangare na aikinta, amma tsirin da tsawa ke jawowa ba shi da inda za a zubar da shi. Ka sa mai aikin wuta ya duba. Idan babu, ya kafa sandar a wurin da ƙasa ke riƙe danshi, ya ɗaure wayar da kyau.

Yanzu ga cuta ta uku, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku a nan. Daga taransifoma wayoyi huɗu ke fitowa: layuka uku masu wuta, da ta huɗu da masu aikin wuta ke kira nutural. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne. Amma tsakanin layi da layi bolt 400 ne. Nutural ita ke riƙe kowane gida a kan 230. Idan ta tsinke, ko iska ta karya reshe ya faɗo mata, ko haɗinta ya yi tsatsa ya saki, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a jikin taransifoma, sai gidajen su koma raba 400 ɗin nan a tsakaninsu ba bisa adalci ba. Layin da ke ɗauke da kaya masu nauyi wutarsa ta faɗi ƙasa, layin da ke da kaya kaɗan kuma tasa ta haura 300, wani lokaci ta kusa 400. Haka kuma kan faru idan iska ta haɗa wayoyi biyu, ko wani ya je canza layi da hannunsa ya yi kuskure.

Alamunta a bayyane suke. Ƙwan gidanka ya yi haske fiye da yadda ka sani, na maƙwabcinka kuma ya dushe. Fanka ta riƙa gudu tana ƙara. Ka ji warin ƙonewar roba. Da safe a wayi gari gida biyar ko goma kowa na cewa tasa cajar ko talabijin ta tafi. Idan ka ga haka, kada ka tsaya cire kaya ɗaya-ɗaya, ka je ka kashe babban makunnin gida, sannan a sanar da ma'aikatan wuta.

A irin wannan hali soket mai kariya ba ta da abin yi. An gina faifanta ne don tsirin ƙiftawar ido. Idan bolt 350 ta zauna a kansa, zafi zai yi ya ƙone, wani lokaci har ya narkar da robar soket ɗin. Abin da ke maganin wannan shi ne na'urar da ake kira gad, irin wadda aka saba saka wa firij da talabijin. Aikinta ta riƙa auna wuta. Idan ta haura wajen bolt 260, ko ta faɗi ƙasa sosai, sai ta yanke gaba ɗaya. Idan wuta ta dawo daidai ba ta saki nan take, sai ta jira ta ga ta zauna. Na firij kan jira mintoci uku zuwa biyar, na talabijin ƙasa da haka. Jiran nan ma kariya ne, domin mintocin farko bayan an kawo wuta su ne lokacin da ta fi rawa. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai da komai ba, ya fara da gad mai kyau. Sitabilaiza fa? Tana ɗaga wuta marar ƙarfi, tana sauke wadda ta ɗan haura, amma tana da iyaka kuma ba ta da saurin kama tsiri. Tunda adafta da kanta tana jure ƙarancin wuta, saya wa rauta kaɗai sitabilaiza kashe kuɗi ne a inda bai fi buƙata ba.

Mu dawo kan ɗaukewar wuta. Ita ba ta cika ƙona rauta ba, amma tana cin aiki. Duk lokacin da wuta ta ƙifta, rauta sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi ta sake kama sabis, kuma wanda ke tsakiyar cike fom ko tura kuɗi ya san abin da minti biyu ke jawowa. Abin takaicin shi ne sabis ɗin yana nan, domin dogayen ƙarfunan kamfanonin waya suna da batir da janareta nasu. Rautarka ce kawai ta mutu. Haɗari ɗaya na gaske shi ne wuta ta ɗauke lokacin da rauta ke sabunta manhajar cikinta. Idan aka katse ta a tsakiya tana iya ƙin tashi kwata-kwata. Don haka kada ka taɓa danna sabuntawa sai tana kan batir.

Na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ita ce yufiyes, a jikin kwali za ka ga an rubuta UPS. Iri biyu ne. Akwai babban nan mai nauyi na kwamfutar tebur, mai kuka idan wuta ta tafi. An yi shi ne ya ba ka mintoci ka adana aiki ka kashe kwamfuta. Yana juya wutar batir zuwa 230, adafta kuma ta sake maido ta 12, kuma a wannan kai da kawowa ana asarar wuta mai yawa, wani lokaci fiye da abin da rautar kanta ke ci. Batirinsa na dalma ne, ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙaf kullum, kuma a yanayinmu kullum za a zuƙe shi. Wanda ya dace da rauta shi ne ƙaramin, wanda bai wuce girman littafin aljihu ba, mai batirin litiyom, wanda ke ba rauta bolt 12 ɗinta kai tsaye. Wuta na ɗaukewa ya karɓa, ko fitilar rauta ba za ta ƙifta ba.

Bari mu ɗauki misali mu yi lissafinsa, domin a nan ne ake ruɗar mai saye. A ce kana da shagon kwamfuta a Malumfashi. Ka juya rautarka ka ga an rubuta 12V 1A. Ka ninka 12 da 1, ka sami wat 12. Wannan shi ne iyakar abin da za ta iya ja. A aikin yau da kullum irin waɗannan rautocin wajen rabin haka suke ci, mu ce wat 6. Ka je kasuwa aka nuna maka ƙaramin yufiyes an rubuta masa 10400mAh, mai shago ya ce zai kwana ya wuni. Kada lambar ta burge ka. An auna ta ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batirin da ke ciki, ba a kan bolt 12 da rauta ke sha ba. Ka ninka 10,400 da 3.7 ka raba da 1,000, za ka sami kusan 38. Wannan shi ne ainihin abin da ke cikinsa, wato zai iya ba da wat 38 na tsawon awa ɗaya. Cire kashi ɗaya cikin biyar da ke ɓacewa wajen ɗaga wutar zuwa 12, saura wajen 30. Raba 30 da wat 6 da rautarka ke ci. Awa biyar ke nan. Idan shago ya cika, kwamfutoci da wayoyi da yawa suna ja, ko sabis ya yi rauni rauta tana wahalar kamawa, zai sauko zuwa awa uku ko huɗu. Idan kuma yaron shago ya soka wayarsa a jikinsa yana caji, an raba abincin biyu.

To awa biyar ta ishe ka? Ya danganta da yadda ake ba unguwarku wuta. Kuma ka tuna batirin nan sai ya sami awoyi yana caji kafin ya cika. Idan wutar awa biyu ake kawo muku a yini, ba zai taɓa cika ba, kullum da rabin ciki zai fara aiki. Ƙaramin yufiyes na cike giɓi ne: tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta, ko ɗaukewar 'yan awoyi. Ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako cikin duhu. Irin wannan sai sola. Mai sola kuma ya kiyaye: kada a ja waya daga batirin sola kai tsaye zuwa rauta don an ga duka 12 aka rubuta. Batirin da ke caji da rana yakan haura bolt 14. A sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani, ko a bi ta inbata.

Wajen haɗawa akwai kurakurai biyu da ke kashe rauta nan take, kuma ba laifin Nefa a ciki. Yawancin ƙananan yufiyes suna da ramuka da yawa, na 5V da 9V da 12V, wasu kuma ɗan makunni ne ake turawa. Idan rautarka mai 9V ce ka ba ta 12V, kana iya ƙone ta da hannunka. Ka karanta bayan rautar kafin ka soka komai. Na biyu shi ne bakin wayar. Yawanci tsakiyar bakin ce ke ɗauke da alamar tarawa, kuma akwai ɗan zane a jikin adafta da ke nuna haka. Ka tabbata zanen yufiyes ɗin ya yi daidai da shi, kuma bakin ya zauna daram ba ya lilo. Amfiya kuwa, idan ta yufiyes ta fi ta rauta yawa babu laifi, rauta abin da take buƙata kawai za ta ja. Idan ta gaza ne matsala.

Jerin haɗin shi ne: gad a jikin bango, soket mai kariya a jikin gad, yufiyes a jikin soket, rauta a jikin yufiyes. Ka lura da amfanin haɗa su. Idan gad ta yanke wuta, ko tana jiran mintocinta, rauta ba ta ma san an yi ba domin tana kan batir. Ga masu janareta, a bar shi ya tashi ya daidaita kafin a juya masa kaya, kuma a sauke kayan kafin a kashe shi. Ƙananan janaretocin nan idan mai ya kusa ƙarewa sukan riƙa sama da ƙasa, wutarsu ma haka.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Batirin litiyom ba ya son zafi, kuma shagon kwano a watan Maris da Afrilu kowa ya san yadda yake. Kada a ɗora shi saman kanta kusa da rufi, kada a rufe shi da tsumma don ƙura, kada a ɗora rauta a kansa su riƙa dafa juna. Ko da kulawa, bayan shekara biyu ko uku za ka ga awoyinsa sun ragu. Wanda ya kumbura ko yake zafi ba gaira ba dalili, a cire shi daga wuta a fitar da shi daga ɗaki, domin yana iya kamawa da wuta.

Saura tsawa. Duk abin da na lissafa ba ya tare tsawar da ta faɗa kan layinku ko kan eriyarka. Mutanen ƙauyukan da sabis ke da rauni sukan ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe su jawo waya zuwa rauta, wasu kuma su ja wayar intanet daga wannan gini zuwa wancan. Tsiri na bin waɗannan wayoyin ya shigo ta baya, inda gad ba ta gani. Alamarsa ita ce bayan ruwan sama rauta tana kunnuwa amma ramin waya ɗaya ko biyu sun mutu. Idan hadari ya haɗo, a zare filogi daga bango, a kwance wayar eriya da duk wayar da ta fito daga waje. Kashe makunni kawai bai isa ba, tazarar cikinsa 'yar kaɗan ce. Rauta mai layin waya za ta ci gaba da aiki a kan batir har ruwa ya ɗauke.

Wanda kuma rautarsa ta riga ta mutu, kada ya yi saurin jefarwa. Sau da yawa adafta ce ta sha dukan, rautar lafiyarta ƙalau. Idan babu fitila ko ɗaya, ka shinshina adaftar, ka duba ko ta kumbura, ka kai wa mai gyara ya auna bakinta da mita ya ga ko tana fitar da bolt ɗin da aka rubuta mata. Idan kuma rauta tana kunnuwa sai ta mutu ta sake tashi da zarar mutane sun fara hawa, yawanci adafta ce ta gaji, tana nuna 12 a mita amma ba ta iya ɗaukar nauyi. Ka ari wata mai bolt iri ɗaya da amfiya daidai ko sama da haka, ka gwada. Idan rauta ta zauna lafiya, adafta kawai za ka saya, sai dai a nemi mai kyau, kada a ɗauko kowace caja da bakinta ya shiga.